Yadda Ake Sake Haɗa Iyafis na Bulutut Idan Ɓari Ɗaya Ya Yi Shiru

Iyafis na bulutut mai ɓari biyu, wanda babu igiya tsakanin na hagu da na dama, da haɗi biyu yake aiki, ba ɗaya ba. Akwai haɗin da ke tsakanin waya da iyafis, wanda kowa ke gani a jerin bulutut. Akwai kuma haɗin da ke tsakanin ɓarin hagu da ɓarin dama, wanda waya ba ta nuna shi ko kaɗan. Idan ɓari ɗaya ya yi shiru, galibi wannan haɗi na biyu ne ya tsinke. Shi ya sa mutum zai yi ta kashe bulutut ɗin waya yana kunnawa babu abin da ya canja, domin yana gyaran haɗin da lafiyarsa ƙalau.

Kowane ɓari yana da batirinsa, da rediyonsa, da lambar shaidarsa ta bulutut. A yawancin masu sauƙin ƙira, ɓari ɗaya ne jagora. Shi ke magana da waya, ya riƙe sautin ɓangarensa, ya miƙa wa ɗan'uwansa nasa. Sababbin ƙira sun ɗan bambanta: mabiyin yana sauraren abin da waya ke aika wa jagora kai tsaye, kuma sukan yi musayar jagoranci a tsakaninsu. Amma ko a waɗannan, sai ɓarin biyu sun fara gane juna kafin sauti ya fito a kunne biyu. Daga nan ƙa'idar aikin gaba ɗaya ta fito: a bar su su sami juna tukuna, sannan waya ta shigo.

Sai dai kafin a kai ga sake haɗi, ya kamata a tabbatar cewa haɗin ne ya lalace. Ɓarin da cajinsa ya ƙare, da wanda ragar bakinsa da sauti ke fitowa ta cikinta ta toshe, da wanda ya rabu da ɗan'uwansa, duk shiru iri ɗaya suke yi a kunne, kuma ɗaya ne kaɗai daga cikinsu sake haɗi ke warkarwa.

Fara da tambayar ɓarin da ya yi shiru

Kashe bulutut ɗin wayar. Mayar da ɓarin biyu cikin akwatin caji, rufe murfin, ka jira kamar sakan 30. Sai ka ciro wanda ya yi shiru shi kaɗai, ka sa a kunne nan take, kana lura da abu biyu: 'yar fitilarsa da kuma sautin tashinsa. Yawancin iyafis suna yin ɗan ƙara ko su faɗi wata kalma kamar `Power on` idan sun tashi. Wannan sautin daga cikin ɓarin kansa yake fitowa, babu ruwansa da waya.

Idan ka ji sautin sarai da ƙarfinsa, batiri na da rai, sifika ma lafiya lau. Matsalarka ta haɗi ce ko ta saitin waya.

Idan ka ji shi can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, raga ce ta toshe da dattin kunne.

Idan babu fitila babu sauti, ɓarin bai samu caji ba, ko batirinsa ya mutu.

Idan kuwa fitila na kamawa, taɓa shi na tsayar da waƙa ko ci gaba da ita, amma ko ɗis ba ya fitar da sauti har na tashinsa, kuma raga a tsaftace take, to sifikar ce ta lalace ko siririyar igiyar da ke kai mata wuta ta yanke. Wannan babu sake haɗin da zai dawo da shi.

Wannan gwaji bai fi minti ɗaya ba, amma shi ke raba hanya.

Caji: inda aka fi yaudaruwa

Batirin kowane ɓari ƙarami ne sosai, yawanci tsakanin 30 zuwa 60 mAh, kuma yana samun wuta ne ta wasu 'yan ƙusoshin ƙarfe biyu ko uku da ke ƙasan raminsa a akwati. Ƙusoshin nan suna da sifirin a ƙarƙashinsu, suna dannuwa su taso, su taɓa 'yan ɗigon ƙarfen da ke jikin iyafis. Gumi da maiƙon fata da ƙura suna taruwa a kan ɗigon nan, su yi wani siririn shafi da ke hana wuta wucewa. Fitilar akwati za ta iya nuna cewa caji ya cika, domin a wasu ƙirar batirin akwatin take nunawa ba na iyafis ba, alhali ɓari ɗaya ya kwana a ciki bai sha komai ba.

Akwai abu na biyu da ƙusoshin nan ke yi wanda ba kowa ya sani ba. Ta hanyarsu ne iyafis ke gane cewa ya shiga akwati, sai ya kashe kansa, ya kuma tashi idan aka ciro shi. Ɓarin da ƙusoshinsa ba sa taɓawa yana iya ci gaba da aiki cikin akwati, yana riƙe da haɗin waya har batirinsa ya ƙare. Alamar hakan ita ce ka rufe akwati amma wayarka ta ci gaba da nuna iyafis a haɗe, ko kira ya shigo ba ka ji ba saboda sautin ya tafi cikin akwati. Kuma tun da tashin ɓarin biyu a tare shi ne lokacin da suke neman juna, wanda bai san an ciro shi ba ba zai nemi ɗan'uwansa ba.

Goge ɗigon ƙarfen da ke jikin iyafis da busasshen ƙyalle marar gashi. Idan dattin ya kafe, ɗan jiƙa audugar goge kunne da sifirit ɗin goge kayan lantarki, ka matse ta har ta kusa bushewa, sannan ka murza. Yi haka ga ƙusoshin cikin akwati. Sai ka ɗauki tsinken sakace na itace ka danna kowace ƙusa a hankali: ya kamata ta nutse ta taso da kanta. Wadda ta nutse ta maƙale ita ce matsalarka, kuma sau da yawa ɗigon sifirit ɗaya da dannawa sau da dama yana sakinta. Kada ka yi amfani da allura ko wani ƙarfe, domin zai iya haɗa ƙusoshin biyu wuta ta yi gajeren zango, zai kuma kankare shafin da ke hana su tsatsa. Bari komai ya bushe na minti biyar.

Duba robar bakin iyafis ma. Idan an canja ta da wadda ta fi girma, ko ba ta zauna daidai ba, takan ɗaga ɓarin sama kaɗan ya kasa taɓa ƙusa. Cire robar ka saka shi tsirara ka gani. Haka nan sabon iyafis kan zo da siririyar leda manne a kan ɗigon ƙarfen, kuma an sha cire ta ɓari ɗaya a manta da ɗayan.

Yanzu jona akwatin a caja, saka ɓarin biyu, ka tabbatar kowanne ya nuna alamar ya fara caji, ko ta fitilarsa ko ta fitilar akwati da ke ƙiftawa lokacin da ka saka shi. Bar su aƙalla minti 30. Ɓarin da ya daɗe a mace yakan ɗauki minti da yawa kafin fitilarsa ta fara nuna komai, domin batirin da ya yi ƙasa ƙwarai da ƙaramar wuta ake fara farfaɗo da shi. Kada ka yanke masa hukunci kafin awa guda.

Raga da saitin waya

Cire robar, ka juya bakin iyafis yana kallon ƙasa don dattin ya faɗo waje maimakon ya shige ciki, ka goge ragar da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kada ka tura tsinke cikinta, kada ka zuba mata ruwa. Bayanta kaɗan sifika take, kuma fatarta ba ta jure huda.

A waya kuma akwai saitin da ke karkatar da sauti ɓangare ɗaya, kuma yatsa kan ja shi bisa kuskure. A iPhone yana cikin `Settings`, `Accessibility`, `Audio & Visual`, a ƙarƙashin `Balance`. A wayoyin Samsung yana cikin `Accessibility`, `Hearing enhancements`, da sunan `Left/right sound balance`. Sauran wayoyin Android ma cikin `Accessibility` suke ajiye shi, galibi da sunan `Audio balance`. Maɓallin ya tsaya a tsakiya cif. Hanya mafi sauri ta wanke wayarka daga zargi ita ce haɗa iyafis ɗin da wata waya dabam. Idan kunne biyu suka yi magana a can, laifin na wayarka ne.

Yadda rabuwar ke faruwa, da misali

A ɗauki iyafis mai sauƙin ƙira, wanda ake taɓawa da yatsa, akwatinsa babu maɓalli, kuma ɓarin dama ne jagora. Ƙusar ramin dama ta yi datti, don haka dama ya kwana bai yi caji ba. Da safe mai shi ya ciro su biyu. Hagu ya tashi, ya nemi dama na 'yan sakanni bai same shi ba, sai ya ɗauka shi kaɗai ake son amfani da shi. Ya koma jagoran kansa, ya fara ƙifta ja da shuɗi yana neman waya. Mai shi ya buɗe bulutut, ya ga sunan iyafis ɗinsa cikin sababbin na'urori, ya danna. Sauti ya fito a hagu.

Daga baya dama ya samu caji. Yanzu wayar na riƙe da rajista biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, domin lambar shaidarsu ba ɗaya ba ce. Duk lokacin da aka ciro su, kowanne na rige-rigen kama wayar da ya sani, kuma wanda ya riga ya kama ba ya waiwayar ɗan'uwansa. Waya kuwa galibi na'ura ɗaya take aika wa waƙa a lokaci guda. Shi ya sa yau hagu ne ke magana, gobe dama.

Alamomin wannan hali uku ne, kuma ba sa ɓoyuwa. Sunan iyafis ya fito sau biyu a jerin bulutut, wani lokaci ɗaya da `L` ko `R` a ƙarshensa. Kowane ɓari yana aiki lafiya idan aka ciro shi shi kaɗai. Sannan idan bulutut ɗin waya na kashe aka ciro su tare, dukansu biyu suna ƙifta ja da shuɗi. Wannan alama ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi: a irin wannan ƙira, idan sun sami juna, ɗaya ne kawai ke ci gaba da ƙifta launi biyu, ɗayan ya koma ƙifta launi ɗaya a hankali ko ya ɗauke fitilarsa. Launin yakan bambanta daga ƙira zuwa ƙira, wasu fari da ja ne, amma ma'anar ɗaya ce. Biyu na neman waya, ba su haɗu ba. Ɗaya na nema, sun haɗu.

Matakan sake haɗawa

1. Goge rajistar iyafis daga waya, duka biyun idan biyu ne. A Android shiga jerin na'urorin bulutut, danna alamar saiti da ke gefen sunan, ka zaɓi `Forget` ko `Unpair`. A iPhone shiga `Settings`, `Bluetooth`, danna alamar `i`, ka zaɓi `Forget This Device`. Danna `Disconnect` kaɗai bai wadatar ba, domin rajistar na nan, kuma za su sake kamawa.

2. Kashe bulutut ɗin wayar daga cikin `Settings`. A iPhone wannan na da muhimmanci, domin danna alamar bulutut a allon da ake jawowa daga sama ba ya kashe shi gaba ɗaya. Kashe na duk wata na'ura da iyafis ɗin ya taɓa haɗuwa da ita wadda ke kusa, kwamfuta ce ko talabijin ko tsohuwar waya. Bulutut na kai kimanin mita 10, don haka kwamfutar da ke ɗakin gaba za ta iya fizge ɓari ɗaya tun kafin ya ga ɗan'uwansa. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ke sa a yi komai daidai amma a ƙare inda aka fara.

3. Fara da gwaji mai sauƙi. Saka su a akwati, rufe na sakan 30, buɗe, ka ciro su biyu a lokaci ɗaya, ka ajiye su gefe da gefe a kan tebur, tazararsu ba ta wuce tafin hannu ba. Kada ka dunƙule su cikin hannu, domin jikin mutum na shanye zangon 2.4 GHz da bulutut ke aiki a kai, ga shi yatsa na iya taɓa wurin dannawa. Jira sakan 10 zuwa 20 kana kallon fitilunsu. Idan ɗaya ya daina ƙifta launi biyu, sun haɗu, ka wuce mataki na 6.

4. Idan dukansu na ci gaba da ƙiftawa, gwada tilasta musu neman juna. A ƙira da yawa masu sauƙi, danna ɓarin biyu sau biyu a jere a lokaci ɗaya yana sa su shiga neman juna. A wasu kuwa ɓari ɗaya ake danna wa sau biyu, sai ya zama jagora. Ka ba su sakan 10 bayan kowane gwaji.

5. Idan hakan bai yi ba, sai a goge ƙwaƙwalwarsu su koma yadda suka fito daga kamfani. A nan ne ƙira ke bambanta, kuma takardar da ta zo cikin kwali ita ce hujja. Amma hanyoyin da aka fi samu iri uku ne. Idan akwatin na da maɓalli, a saka ɓarin biyu, a bar murfi a buɗe, a danne maɓallin na sakan 10 zuwa 15 har fitila ta canja yadda take ƙiftawa. Idan babu maɓalli, a bar su cikin akwati murfi a buɗe, a ɗora yatsa a kan wurin taɓawa na kowanne a lokaci ɗaya, a riƙe kimanin sakan 10 har su ƙifta. Hanya ta uku a wajen akwati ake yinta: a danne kowanne har ya mutu, sannan a sake danne su tare ba a sakewa ko da sun tashi, a ci gaba da riƙewa har fitilunsu su yi ƙiftawa ta daban su ɗauke, abin da kan ɗauki sakan 10 zuwa 20. Bayan kowace hanya, a mayar da su akwati, a rufe na sakan 30, a maimaita mataki na 3.

6. Sai ka tabbatar sun sami juna sannan ka kunna bulutut ɗin waya. Suna ɗaya ya kamata ya fito. Danna shi. Idan biyu suka fito, kada ka danna ko ɗaya, domin danna ɗaya shi ne ainihin abin da ya jawo rabuwar tun farko. Kashe bulutut ka koma mataki na 5.

7. Gwada da sautin gwaji wanda ke faɗin hagu da dama dabam-dabam, ba waƙa kawai ba. Sannan ka yi gwajin da ya fi muhimmanci: mayar da su akwati, rufe, jira minti ɗaya, ka sake ciro su. Idan suka dawo kunne biyu da kansu, haɗin ya zauna.

Abin da ke ɓata mataki na 5 kusan kullum ɗaya ne cikin uku. Na farko, sakin yatsa da wuri: riƙewa na sakan uku zuwa biyar kashe iyafis kawai yake yi ko ya sa shi neman waya, sai mutum ya ga fitila ta motsa ya ɗauka an gama. Ka ƙirga da agogo. Na biyu, ɓari ɗaya ya gogu ɗayan bai gogu ba, saboda yatsa bai zauna daidai kan wurin taɓawa ba. Dole ka ga fitilar kowanne ta amsa. Wanda bai amsa ba yana nan riƙe da tsohon bayaninsa, a sake yi masa. Na uku, akwatin kansa babu caji. Hanyoyin da ake bi ta cikin akwati suna bukatar iyafis ya ji wuta a ƙusoshinsa kafin ya karɓi umarnin, saboda haka ya fi kyau a yi aikin akwati na jone a caja.

Wasu sanannun ƙira

AirPods masu maɓalli a bayan akwati: saka su, rufe murfi na sakan 30, buɗe, goge su daga waya, sannan ka danne maɓallin baya na kimanin sakan 15 murfi a buɗe, har fitila ta ƙifta ruwan lemo sannan ta koma fari. AirPods 4 ba su da wannan maɓalli. Gaban akwatin ake ƙwanƙwasawa da yatsa sau biyu, a maimaita hakan har sau uku, ana jiran fitila ta canja ƙiftawa tsakanin kowanne, har ta yi ruwan lemo sannan fari. Idan fitila ta tsaya kan ƙifta ruwan lemo ta ƙi komawa fari, jona akwatin a caja da su a ciki, rufe murfi na minti 20, ka sake gwadawa.

Galaxy Buds na ƙirar da ake taɓawa, kamar Buds+ da Buds Pro da Buds2: saka su a akwati murfi a buɗe, ka taɓa su biyu ka riƙe na sakan bakwai ko fiye har fitilar cikin akwati ta ƙifta kore. Wannan shi ke haɗa hagu da dama. Manhajar Galaxy Wearable kuma tana da `Reset`, sannan tana nuna cajin kowane ɓari dabam, wanda ke saurin tona asirin ɓarin da ba ya shan wuta.

Duk iyafis ɗin da ke da manhajar kamfani a waya, ka duba ko akwai sabuntawa bayan ka haɗa su. Idan sabuntawa ta katse a tsakiya, ɓari ɗaya kan iya hawa sabuwar manhaja ɗayan ya tsaya kan tsohuwa, su kasa fahimtar juna. Haka yake ga wanda ya sayi ɓari ɗaya don maye wanda ya ɓata: sai ƙirar ta zama iri ɗaya sak, ba kama ta ido kawai ba, kuma ba kowane kamfani ne ya yarda a haɗa baƙon ɓari a gida ba.

Shirun da ba rabuwa ba ne

Idan waƙa na fitowa kunne biyu amma kira a kunne ɗaya, mai yiwuwa babu abin da ya lalace. Bulutut na ɗaukar kira ta wata hanya dabam da ta waƙa, mai layin sauti ɗaya, kuma tsofaffin ƙira a jagora kaɗai suke fitar da shi. A kwamfuta mai Windows 10 iyafis ɗaya kan fito da suna biyu cikin jerin sifikoki, ɗaya da `Stereo` ɗaya da `Hands-Free`. Zaɓi na farko don waƙa da bidiyo.

Iyafis mai gane ko yana cikin kunne yana da wata 'yar baƙar taga a jikinsa. Idan datti ya rufe ta, ko ɓarin bai zauna sosai ba, yana iya ɗauka cewa ba a saka shi ba ya yi shiru. Goge tagar, ko ka kashe wannan saitin na ɗan lokaci don gwaji. A AirPods sunansa `Automatic Ear Detection`.

Idan kuwa ɓari ɗaya na ɗaukewa yana dawowa ne yayin tafiya, musamman idan ka juya kai, sigina ce ke raunana. Sautin da jagora ke miƙa wa mabiyi sai ya zagaya kanka, wanda waya ke aikowa kuma sai ya ratsa jikinka idan tana aljihun baya. Mayar da wayar aljihun gaba na ɓangaren jagora ka ga bambanci. A fili ya fi faruwa fiye da cikin ɗaki, domin babu bangon da sigina za ta daka ta dawo.

Idan ya gyaru sannan ya sake komawa

Haɗin da ke zama na kwana ɗaya ya sake tsinkewa kusan kullum yana nuna cewa sanadin farko na nan. Koma kan ƙusoshin caji. Cika su biyu, ka saurari abu da matsakaicin sauti, ka duba cajin kowanne bayan minti 30 idan wayarka ko manhaja na nunawa. Ɗan bambanci ba komai ba ne, domin ɓarin da ke riƙe da haɗin waya da makirfo ya fi ɗan'uwansa shan wuta. Amma idan ɗaya na kan kashi 80 ɗayan ya faɗo 20, ko ya mutu cikin minti 15, batirinsa ya tsufa. Duk lokacin da ya mutu, ɗan'uwansa zai koma aiki shi kaɗai, kuma zagayen rabuwar ya sake farawa. Batirin galibi a manne yake da gam cikin ɓarin, ba a yi shi don a canja a gida ba. Ɓarin da ya kumbura, ko haɗin jikinsa ya fara buɗewa, ko yake zafi yayin caji, a daina saka shi a kunne da akwati, kuma kada a matse shi ko a huda shi.

Idan iyafis ɗin na aiki kunne biyu a wata waya amma ya ƙi a taka, bayan ka duba daidaiton sauti ka goge rajista, kashe wayar ka kunna. Idan ya ci gaba, Android na da zaɓin goge saitin sadarwa a cikin `Reset options`, mai suna kamar `Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth`, iPhone kuma `Reset Network Settings`. Ka sani cewa wannan zai goge kalmomin sirrin waifai da ka adana, a Android kuma har da sauran na'urorin bulutut da ka haɗa, don haka shi ne na ƙarshe.

Ga mai son amfani da ɓari ɗaya kawai wani lokaci, hanyar da ba ta raba su ita ce a ciro su biyu, a bar su su haɗu da juna da waya, sannan a mayar da wanda ba a so cikin akwati. Idan sautin ya katse da ka mayar da shi, jagoran ka mayar, kuma ƙirarka ba ta musayar jagoranci: shi za ka riƙe a kunne, ɗayan ya koma akwati. Kuma duk ranar da ka ga sunan iyafis ɗinka ya bayyana cikin sababbin na'urori alhali yana cikin jerin waɗanda ka riga ka haɗa, kada ka danna shi. Mayar da su akwati ka duba wanda bai yi caji ba.